Murhu, firaya da firji: wanne za ka saya sabo, wanne na hannu, idan jarin bai kai ba

Duk wanda ya taɓa shirin buɗe gidan abinci ya san wannan zaman: takarda da biro a gaba, an cire kuɗin haya, an cire na kujeru da kwanuka, abin da ya rage kuma dole ya haifar da murhu, da abin suya, da abin sanyaya nama da lemo. Sai a raba gida biyu. Wasu su ce ka sayi sabo ka huta, wasu su ce ɗan kwatano ya fi ƙarko, wai Turawa ba sa yi wa kansu kayan banza. Ni ina ganin tambayar ce aka yi ba daidai ba. Waɗannan kaya uku ba halinsu ɗaya ba, saboda haka babu dalilin yanke musu hukunci ɗaya. Akwai wanda aibinsa ke fili, ido zai gani a cikin minti goma, akwai wanda aibinsa ke ɓoye a cikin ƙarfen da aka liƙe da walda, ba za ka sani ba sai ranar da kaji suka yi wari.

Da farko, "na hannu" ba abu ɗaya ba ne. Akwai wanda aka shigo da shi daga Turai ko Amurka, wato ɗan kwatano ko tokumbo. Akwai na hannu na gida, wanda wani ya yi amfani da shi a nan, ya rufe shago ko ya canza babba. Sannan akwai haɗin gida, aikin masu walda irin na Panteka a Kaduna ko na ƙananan garejoji a Kano, wanda sabo ne amma ba na kamfani ba. Kowanne da inda yake da rana.

Ma'aunin da nake bi

Abu huɗu nake dubawa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Na farko kuɗi, amma ba wanda ka miƙa wa mai shago kaɗai ba. A haɗa da na dako, da gyaran da za a yi kafin a fara aiki, da abin da kayan zai riƙa ci na gas ko wuta kowane wata. Na biyu ƙarko a irin yanayinmu: zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu, da wutar da ke zuwa yau da ƙarfi gobe a raunane. Na uku sauƙin gyara, wato ko akwai mai gyaran a unguwa, kuma ko ana samun kayan gyaran a kasuwa. Na huɗu, wanda na fi ba shi nauyi, shi ne wannan tambayar: idan abin ya tsaya da tsakar ranar ciniki, me zan rasa? Murhu ya mutu, a hura gawayi, abinci ya ɗan makara. Firiza ta mutu da daddare, jarin mako guda ne ya tafi. Firaya ta ƙi yanke wuta, shagon ne gaba ɗaya a cikin haɗari.

Murhu

Nan ne na fi samun kwanciyar hankali da kayan da ba sababbin kamfani ba, domin murhun gas abu ne mai sauƙi. Ƙarfe ne, da makunni, da ɗan nozil mai ƙaramin rami, da kan da wuta ke fita. Babu abin da ke ɓoye.

Amma kafin maganar sabo ko tsoho, a duba abin da za a dafa. Manyan murafun nan masu kai shida da tanda a ƙasa, waɗanda ake gani a rumbunan 'yan kwatano suna ƙyalli, an ƙera su ne domin ƙananan tukwane da kasake, irin girkin da ake yi wa mutum ɗaya faranti ɗaya. Tsayinsu ya kai ƙugu. Ka ɗora tukunyar shinkafa ta kwano huɗu a kai, za ta rufe kai uku, wutar ba ta isa tsakiyarta ba, kuma sauke ta sai mutum biyu. Tuƙa tuwo a kai kuwa ba ma a magana, sai mai girki ta hau benci. Wanda zai sayar da shinkafa da miya, tuwo, wake da taliya, abin da yake buƙata shi ne gajeren murhu mai ƙafafu masu ƙarfi, kai ɗaya ko biyu, wanda tukunya za ta zauna daram a yi ta tuƙi ba ya motsi. Wannan kuwa masu walda sun fi kowa iya shi, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na kamfani ba.

Abin dubawa a haɗin gida shi ne kaurin ƙarfen, da ko an cika waldar ko an ɗiga ta ne kawai a kusurwa, da ingancin makunnin. Wurin da ake rage kuɗi ke nan. Makunni na tagulla mai nauyi ya fi na garwa nesa ba kusa ba, kuma gara ka sayo shi da kanka ka kai wa mai haɗin. Idan an gama, a kunna a gabanka. Wuta mai kyau shuɗiya ce, ta zauna a kan ramukan. Idan ja ce ko rawaya tana lilo, iska ba ta isa ba ko nozil ɗin ya yi faɗi, za ta baƙanta tukunya ta kuma sha gas a banza. Idan tana tsalle daga kan tana huci, iskar ta yi yawa ko ƙarfin gas ɗin ya wuce kima. Sai a kaɗa ruwan sabulu a shafa a duk mahaɗa. Inda ya yi kumfa, nan ne yoyo.

Murhun kwatano yana da tarko ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba. Yawancin gidajen abincin Turai gas ɗin bututu suke amfani da shi, ba na tukunya ba, kuma nozil ɗin wancan ya fi faɗin rami domin ƙarfin turawarsa kaɗan ne, wajen milibar 20, alhali na tukunya yana tsakanin 28 zuwa 37 bayan regileta. Ka haɗa irin wannan murhu da tukunyar gas ba tare da an canza nozil ba, sai wuta ta yi tsiri, rawaya, mai hayaƙi. A duba ɗan farantin da ke jikinsa: G20 na nufin gas ɗin bututu, G30 ko G31 na nufin na tukunya. Canza nozil ba aiki ne mai tsada ba idan ana samun girmansa, amma na sha ganin inda aka bubbuge bakin tsohon da guduma don a rage ramin. Wannan ba gyara ba ne. Idan ka ga na lantarki ne mai rubutun 400V, wutar layi uku yake nema, ka wuce kawai sai dai in ginin naka yana da ita.

Lissafin gas yana da sauƙi, kuma ya kamata a yi shi kafin a saya. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kusa yunit 13 na lantarki. Kan murhu mai ƙarfin kilowat 6 idan an ƙure shi zai ci kusan rabin kilo a awa. Kai biyu, awa biyar a yini, kilo biyar ke nan saura kaɗan, wato tukunya mai kilo 50 za ta yi kwana goma ko sha ɗaya. Idan ka ga mai kilo 12.5 tana yin raɓa ko farin ƙanƙara a jiki yayin girki, wuta kuma tana raguwa alhali da sauran gas, an fi ƙarfinta ne, sai a koma babba.

Abu uku ne a ɓangaren murhu ba na yarda a saya na hannu: tiyo, regileta, da tukunyar gas da ba a iya karanta shekarar ƙirarta ba. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya a Najeriya ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15. Sabon fenti ba ya mayar da tsohuwa yarinya, a duba gindinta, nan tsatsa ke fara ci.

Firaya

Mai soya awara ko ƙosai da kasko a kan murhu ba ta buƙatar wannan sashe, kaskon ya ishe ta. Firaya ta zama dole ne ga mai soya kaza, dankalin Turawa, kifi ko samosa a jere tun yamma har dare, inda ake so kowane zubi ya fito iri ɗaya kuma man ya kwana biyu bai ƙone ba.

Duk darajar firaya tana ga tamostat, wato na'urar da ke riƙe zafin mai a inda aka saita. Suya tana yin kyau tsakanin digiri 170 zuwa 180. Ƙasa da haka abinci ya sha mai ya yi laɓo-laɓo, sama da haka man ya yi duhu ya fara hayaƙi, a zubar da shi tun kwanansa bai ƙare ba. Da tsadar man gyaɗa a yau, firayar da ke ƙona mai tana cin kuɗin kanta a 'yan watanni. Ingantacciya tana da mai gadi na biyu, wanda ke yanke wuta gaba ɗaya idan zafi ya doshi digiri 230, ko da na farkon ya lalace. A kayan hannu, wannan na biyun ne aka fi samu an tsallake shi da guntun waya, domin ya dami mai shi da yankewa. Ka sa a buɗe akwatin makunnin a duba. Idan ka ga an haɗe wayoyi biyu an naɗe da salatif a inda ya kamata na'ura ta kasance, ko dai a rage maka kuɗin sabuwa a saka kafin ka ɗauka, ko ka bar musu kayansu.

Sai zaɓi tsakanin ta lantarki da ta gas, wanda a wurinmu ya fi maganar sabo da tsoho muhimmanci. Ƙaramar ta kan tebur mai cin lita shida ba ta da tsada ko sabuwa, shi ya sa take jan ido. Amma tana jan kilowat 2.5, kusan amfiya 11, wato ita kaɗai ta cinye soket ɗaya, mai tagwayen kwano kuma ninki biyu. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta. Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: zafin da take bayarwa yana faɗuwa fiye da yadda ƙarfin wuta ke faɗuwa. Idan wutar unguwa ta sauko daga 230 zuwa 180, abin da zai rage wajen kashi 61 cikin ɗari ne na zafin. Fitilarta na kunne, kana ganin kamar tana aiki, amma ka zuba dankali mai sanyi man ya kasa farfaɗowa, masu saye na tsaye. Wanda ba ya kan layi mai ƙarfi ya nemi ta gas.

A ta gas, babba mai tsayawa a ƙasa ta kwatano tana iya zama ciniki mai kyau, domin ƙarfenta mai kauri ne kuma tana da wani kwari a ƙasan bututun wuta inda ɓurɓushi ke kwanciya ba ya ƙonewa. Gwajinta ɗaya ne: a cika ta da ruwa, a kunna har ya tafasa, a durƙusa da tocila a leƙa ƙasa. Wani tsagin ba ya buɗewa sai ƙarfe ya yi zafi. Idan kwanon yana yoyo ta wajen walda, ko ka ga busasshen baƙin mai ya daskare a kan bututun wutar ta ƙasa, kada ka saurari "za a ɗan taɓa shi da walda". Mai yana ɗiga a kan wuta ke nan. Bayan gwajin a tsane ruwan sarai kafin a zuba mai. Haɗin gida na gas kuwa galibi ba shi da tamostat ko ɗaya, kwano ne mai kusurwa huɗu a kan wuta. Ana iya aiki da shi, amma da ma'aunin zafi mai dogon tsinke a rataye a gefe, da mutum ɗaya da ba ya barin wurin, da murfin ƙarfe a kusa. Wutar mai da murfi ake kashe ta, ruwa ƙara mata tashi yake yi.

Firji da firiza

A nan zan daɗe, domin a nan na sha kashi.

Shekarar da muka buɗe wurinmu ni da yayata, kuɗi ya ƙare a kan firji. Muka samu wani dogo mai ƙofar gilashi a wajen wani mai kayan kwatano, fes da shi, fitilar ciki na haske. Watan Disamba ne. Mai shagon ya buɗe ƙofar ya ce, "Hajiya, sa hannunki ki ji." Ta sa, ta ji sanyi, muka biya. Har ƙarshen Fabrairu ba mu da kuka. Da zafi ya shigo sai muka lura injin ba ya hutawa, dare da rana yana gurnani, lemo kuma sanyinsa bai wuce na randa ba. Mai gyaran da muka kira ya zagaya baya, ya goge farantin da yatsa, ya ce, "Malam, wannan ai ba don ƙasarmu aka yi shi ba. Ka ga lambar nan?" Ajinsa 3 ne, wato an gwada shi ne a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. Mu kuwa mun ajiye shi taku uku daga murhu, a Kano, a watan Afrilu.

Wannan lambar ita ce abu na farko da za a duba, a sabo ko a tsoho. A firjin kasuwanci, aji 3 na nufin digiri 25, aji 4 digiri 30, aji 5 digiri 40. A na gida da firizar kwance haruffa ake sawa: N da SN suna tsayawa a digiri 32, ST a 38, T a 43. Mu T muke nema, ko aji 5, in an rasa a yi maneji da ST a wuri mai iska. Yawancin sababbin da ake sayarwa a kasuwanninmu an yi su ne domin ƙasashe masu zafi, kayan da aka kwaso daga Jamus ko Ingila kuwa sai an tona. A kan farantin dai za a ga wutar da yake ci. 220-240V 50Hz shi ne namu. Na Amurka 115V 60Hz ne, ko an sa masa taransifoma injin ba zai yi gudun da aka ƙera shi a kai ba.

Abin da ya sa firji ya bambanta da murhu shi ne zuciyarsa a rufe take. Kwamfiresa tulun ƙarfe ce da aka liƙe, ba mai iya gaya maka saura shekara nawa ta mutu. Bututun da gas ke bi a firizar kwance yana binne a cikin bango, idan ya huje daga ciki, sai dai a yi ta ɗura gas duk bayan 'yan makonni, ko a zagaya sabon bututu a ciki, aikin da ba ya mayar da ita yadda take. Ba banza ba Ghana ta hana shigo da firjin hannu tun 2013, saboda yawan wutar da suke sha. Mai karatu a Kumasi ko Accra, zaɓinsa ya rage tsakanin sabo da na hannu na gida.

Idan dai dole sai na hannun, kada a saya a tsaye. A je da mai gyaran da kai ka ɗauko, ba wanda mai shago ya kira ba, a kuma je da ma'aunin sanyi. A tarar da firjin a kashe, a kunna a gabanka, domin wanda aka kwana ana sanyayawa ba ya nuna komai. Firizar da babu kaya a ciki ya kamata cikin awa ɗaya farin ƙanƙara ya kama bangonta ko'ina daidai. Idan gefe ɗaya ya yi fari sauran na zufa, gas ya yi ƙasa ko akwai toshewa. A bar ta har ta kai inda za ta yanke da kanta. Abin da ake nema shi ne digiri 18 ƙasa da sifili a firiza, a firji kuma kada ya haura 5. Sai a kashe, a jira minti biyar, a sake kunnawa. Kwamfiresa mai rauni tana tashi lafiya kafin ta ɗau zafi, amma idan ta yi zafi sai ka ji ta yi gurnani, ta yi ƙas, ta yi shiru. Mai gyara ya sa mitarsa ya gwada abin da take ja da abin da aka rubuta a faranti.

A leƙa baya. Ɗan guntun bututun da ake ɗura gas ta cikinsa, idan daga kamfani ne, a matse yake an liƙe shi tsaf. Idan an sa masa bawul ko waldar ta yi baƙi, an taɓa buɗe shi, sai a tambayi dalili. Danshin mai a kan mahaɗa alamar yoyo ce. A karanta irin gas ɗin da ke rubuce a jikin kwamfiresa: R600a, R290 da R134a duk ana samunsu, amma ba a musanya su, kuma akwai masu gyaran da ke ɗura duk wanda ke hannunsu. R12 kuwa tsohon yayi ne da aka daina, firjin da ke ɗauke da shi ya ba shekara ashirin baya. A ƙarshe a maƙale takardar naira a bakin ƙofa a rufe a ja. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta saki. Roba ana canzawa. Amma bangon da ke zufa ta waje, ko murfin da ya yi nauyi fiye da kima, alama ce soson cikin ya sha ruwa, wannan kuwa ba shi da magani.

Wani gargaɗi a gefe: firjin da ke ɗauke da tambarin kamfanin lemo galibi aro aka ba mai shago, ba nasa ba ne. In babu takarda, kada ka sayi rigima.

Bari mu yi lissafi da lambobin misali, kowa ya sauya su da farashin da ya tarar a kasuwa. A ce sabuwar firiza naira 500,000 ce, irin girmanta ta hannu 280,000. Rarar 220,000 ba ƙaramin abu ba ne ga mai farawa. To a cire 40,000 na roba, rile mai tayar da kwamfiresa, da ɗurin gas. A ce tsohuwar tana shan yunit biyu a yini fiye da sabuwar, abin da ba baƙo ba ne ga injin da ba ya hutawa. Yunit 60 ke nan a wata. Wanda ke layin Band A, inda yunit ya haura naira 200 a Afrilun 2024, zai biya ƙarin 12,000 a wata, 144,000 a shekara. Rarar ta koma 36,000 tun kwamfiresa ba ta ce komai ba. Ranar da ta mutu, kuɗin wata kwamfiresar da na aiki sun haɗiye wannan har da neman ciko, ba a ma sa kajin da ke ciki a lissafi ba. Wanda ke kan janareta ko sola, gibin ya fi haka faɗi, domin yunit ɗinsa ya fi na kowa tsada. Lissafin yana juyawa ne kawai idan firizar ta gida ce, shekararta ɗaya ko biyu, da rasit, ka kuma san dalilin sayarwar.

Sabuwar ma ba a sake take ba. Garanti yakan fita idan wuta ce ta ƙona, saboda haka a sa kuɗin sitabilaiza mai jinkirin tashi a cikin farashin tun farko, domin dawowar wuta nan take bayan ɗaukewa na daga cikin abubuwan da suka fi kashe kwamfiresa. A tambaya shekara nawa aka ba injin, nawa aka ba sauran jiki, kuma ina ofishin gyaransu yake a garin. A karɓi rasit mai lambar jikin kayan. Bayan dako a bar ta a tsaye awanni kafin a kunna, in an kwantar da ita a mota a bari ta kwana. A ajiye ta nesa da murhu, a bar tazarar hannu tsakaninta da bango, ragar bayan kuma a riƙa kaɗe mata ƙura, musamman da hunturu.

Tsakanin ta kwance da mai tsayi, ga mai ƙaramin jari ta kwance ce. Sanyi ƙasa yake kwanciya, buɗe murfi ba ya zubar da shi kamar buɗe ƙofa. Cikakkiyar firiza da ba a buɗewa tana iya riƙe kaya har kusan kwana biyu babu wuta, rabin ciki kwana ɗaya, a zafinmu kuma a rage wani abu. Firji mai ƙofa bai fi awa huɗu ba. Shi ya sa masu wayo ke cike gurbin da ya rage da robobin ruwa.

Ga hoton a dunƙule:

| Kaya | Kuɗin saye | Ƙarko | Gyara | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Murhu haɗin gida | Kaɗan | Ya dogara da kaurin ƙarfe | Ko'ina | Yoyon gas a makunni |
| Murhu ɗan kwatano | Matsakaici | Mai yawa | Nozil da makunni kan yi wuya | Nozil ɗin gas ɗin bututu |
| Murhu sabon kamfani | Mai yawa | Mai arhar ba shi da kauri | Da sauƙi | Kaɗan |
| Firaya sabuwa ta lantarki | Kaɗan | Matsakaici | Da sauƙi | Raunin wuta, ƙonewar soket |
| Firaya ta gas ta hannu | Matsakaici | Mai yawa in kwano lafiya | Sai gwani | Yoyon mai, tsallake tamostat |
| Firiza sabuwa | Mai yawa | Mai yawa da sitabilaiza | Garanti | Kaɗan |
| Firji ko firiza ɗan kwatano | Wajen rabi | Ba a sani sai an gani | Mai tsada | Asarar kaya, shan wuta |

Wa ya dace da me

Mai abincin rana, shinkafa da tuwo, wadda ke cefane kullum ta sayar ta ƙarar: gajeren murhu haɗin gida mai kai biyu, sabon tiyo da regileta, kasko maimakon firaya, sauran kuɗin kuma a zuba a ƙaramar sabuwar firizar kwance. Gara ƙarama sabuwa da ƙatuwar da ba a san tarihinta ba, tunda naman kwana biyu kawai za ta riƙe.

Mai kaza da dankali da yamma: a nan firaya ce jarin. In wutar layinsa tsayayya ce, sabuwa ta lantarki mai tagwayen kwano, kowane kwano da soket ɗinsa da waya mai kauri. In ba haka ba, ta gas ta hannu da ta ci gwajin ruwa, a saka mata sabon tamostat. Firizarsa sabuwa, domin kajin mako yake ajiyewa.

Mai lemo, zoɓo da kunun aya, wanda kayansa ba sa ruɓewa cikin dare ɗaya in ban da kunun, shi ne zai iya yin kasadar firjin gilashi na hannu, muddin aji 5 ne ko an ajiye shi a inuwa mai iska, kuma yana da firiza a baya da ke yi masa ƙanƙara.

Mai girkin biki da taro, murafu da yawa take buƙata, masu sauƙin ɗauka a mota, duk haɗin gida, da manyan tukwanen gas. Firiza ɗaya babba sabuwa ta ishe ta, in aiki ya yi yawa ta sayi ƙanƙarar bulo.

Wanda kuma ya ji labarin wani gidan abinci zai rufe, ya je da wuri, tun kayan suna kan aiki. Nan ne kaɗai za ka ga firiza cike da kaya da ƙarfe biyun rana, ka sa ma'auninka a ciki, ka tambayi yaran kicin sau nawa aka kira mai gyara bana. Su ba su da riba a cinikin.